Taƙaita Lacca Daga Silaid Ga Wanda Bai Samu Shiga Aji Ba

A jami'o'inmu irin su Bayero da Ahmadu Bello, malamai da yawa suna koyarwa da majigi, bayan an tashi kuma wakilin aji ya tura silaid ɗin a zauren WhatsApp. To, sai ga abokiyar karatunka ta kwana biyu a asibiti tana jinyar mahaifiyarta, ta roƙe ka ka taƙaita mata laccar da ta wuce ta. Kai kuma ba ka rubuta komai a aji ba, silaid ɗin kaɗai ke hannunka.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ba don mai karatu aka shirya silaid ba. Malami ya shirya shi ne don ya tuna masa abin da zai faɗa. Shi ya sa za ka ga kalmomi uku-uku a jere, babu "saboda", babu "amma", babu "sai dai idan". Waɗannan ƙananan kalmomi a bakin malami suke fitowa, kuma su ne ke ɗauke da ma'anar darasin. Wanda ya kwafe layukan ya tura, ƙashi ya miƙa wa abokiyarsa ba nama.

Mu ɗauki laccar tattalin arziki ta 'yan ajin farko, mai silaid goma sha takwas, a kan yadda farashi ke shafar sayen kaya. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, bi su duka daga farko har ƙarshe. Za ka tarar na farko suna ne kawai, na biyu manufofin darasi, na ƙarshe godiya. Na biyun nan ka riƙe shi da kyau, domin abin da malami ya ce ɗalibi zai iya yi bayan lacca, shi ne kan maganar taƙaitawarka, kuma sau da yawa daga nan tambayoyin jarrabawa ke fitowa.

A silaid na bakwai sai ka ga wannan kawai:

`Ed = %ΔQ / %ΔP`

Na takwas kuma tebur ne: farashi 2,000 da 2,500, yawan kaya 100 da 80. Babu bayani. A nan aikin yake. Sai ka rubuta mata cewa farashin mudu ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500, wato ƙarin kashi 25 cikin ɗari, mudun da ake saye kuma ya ragu daga 100 zuwa 80, ragin kashi 20 ke nan. Idan aka raba 20 da 25 za a samu 0.8. Tunda bai kai ɗaya ba, ma'anarsa mutane sun rage saye, amma ragin bai kai girman tashin farashin ba. Duk wannan daga silaid biyun ya fito, kai dai ka ɗinke su. Ka bar ƙa'idar lissafin da kalmomin fannin yadda suke a allo, domin da su za ta amsa jarrabawa, sannan ka sa lambar silaid a gefen kowace magana don ta iya komawa ta duba.

Inda ake yin ɓarna shi ne wurin da silaid ya yi shiru. A ce na goma sha huɗu yana ɗauke da `Giffen goods` da alamar tambaya, shi ke nan. Kana iya sanin cewa ana nufin abincin talaka da sayensa ke ƙaruwa idan ya yi tsada, domin tsadar ta hana shi sayen mai daɗi, kuma Alfred Marshall ne ya jingina wannan lura ga Robert Giffen. Amma ba ka da tabbacin ko malamin ya kawo shi a matsayin abin da ya saɓa wa dokar ne, ko ya ce misalinsa na zahiri da wuyar samu, ko ma ya tsallake shi saboda lokaci ya ƙure. A ganina, cike irin wannan gurbi da zato ya fi barinsa illa, domin ita za ta haddace shi a matsayin maganar malami. Rubuta mata a fili: "Silaid na 14 suna kawai ya kawo. Bayanin da ke ƙasa daga littafi na ɗauko. Ki tambayi malam."

Haka ma abubuwan da ba sa shiga silaid sam: ranar gwaji, aikin gida, shafukan da aka ce a karanta. Ka faɗa mata tun a layin farko cewa daga silaid kaɗai ka haɗa, don ta nemi waɗannan wurin wakilin aji.

Shafi ɗaya ya isa laccar awa biyu. Kafin ka tura, rufe silaid ɗin, ka sauya alƙaluma, a ce daga 2,500 zuwa 3,000 da kuma daga 80 zuwa 60, ka gwada lissafin da takardarka kaɗai. Idan ka samu 1.25, ita ma za ta iya. Idan sai da ka leƙa silaid, akwai matakin da ka tsallake, sai ka koma ka sa shi.