Titin Da Ke Walƙiya Daga Nesa

A ɗakin ƙera wasannin kwamfuta, mai gwaji kan ga titi yana walƙiya can nesa, kwalta da ƙasa suna musayar wuri, amma da an matso sai ya lafa. Sunan matsalar z-fighting, kuma rahoton da zai aika wa masu zane yana bukatar hoton bidiyo, wurin da kyamara take, da nisan da walƙiyar ta fara.

Sai dalili. Kwamfuta tana auna nisan kowane ɗigo don ta san wanda ke gaba, amma ma'aunin yana dakushewa da nisa. A ma'auni mai bit 24, idan kyamara ta fara gani daga santimita 10, to a nisan kilomita ɗaya ba ta iya bambance abubuwan da tazararsu ba ta kai kusan santimita 60 ba. Titin kuwa santimita 2 kacal aka ɗaga shi sama da ƙasa!

Gyaran da ya fi inganci shi ne masu zane su yanke ƙasar da ke ƙarƙashin titin. Masu shirya manhaja kuma su mayar da mafarin ganin kyamara mita ɗaya, kaifin ma'aunin zai ninka sau goma.