Riga Ake Sauyawa a Hoto, Jiki Na Mai Shi Ne

A yau ba abin mamaki ba ne mutum ya kai hotonsa shagon masu hoto ya ce a cire masa babbar riga a sa masa kwat, ko a ɗora masa kaftani a kan hoton da ya ɗauka da 'yar shara. Wani don takardar neman aiki, wani don kalandar biki. Sau da yawa aikin yakan fito tsaf, launi ya zauna, ɗinki ya yi kyau, amma iyalinsa na ganin hoton sai su ce, "Fuskar dai tasa ce, jikin kuwa ba nasa ba ne." Ko dai kafaɗa ta yi faɗi kai ya koma ɗan mitsitsi, ko wuya ya nutse, ko kuma siririn mutum ya tashi da tumbi.

Tushen wannan aibi ɗaya ne: mai gyaran ya ɗauki gefen tsohuwar riga a matsayin gefen jiki. Alhali tsakanin fata da yadi akwai sarari, kuma sararin nan ya bambanta daga riga zuwa riga. Saboda haka ƙwararre ba ya fara taɓa tufafi sai ya gano inda jikin yake a ƙarƙashinsu.

Ma'auninsa kuwa kan mutumin ne, domin shi ne riga ba ta ɓoyewa. Masu zane sun daɗe da sanin cewa tsawon baligi ya kai tsawon kansa sau 7 zuwa 7 da rabi, idan aka auna kan daga tsakar ka zuwa haɓa. Faɗin kafaɗun namiji kusan tsawon kai biyu ne, na mace ya ɗan gaza haka. Idan hannu ya sauka, gwiwarsa tana daidai da ƙugu, yatsu kuma suna kaiwa tsakiyar cinya. Wannan matsakaicin awo ne, mutane sun sha bamban, don haka dole a gwama shi da abin da ake gani a hoton: kaurin wuya, cikar kumatu, da kaurin wuyan hannu.

Mu ɗauki aikin da ya fi wuya, wato daga mai yalwa zuwa mai kama jiki. Ga magidanci a tsaye, yana fuskantar kyamara, sanye da babbar riga ta shadda, ya naɗe hannayenta a kafaɗa, ana so a mayar da shi cikin kwat. Mai gyara zai buɗe sabon layer a Photoshop a saman hoton ya auna kai. Idan da hula, ba daga samanta ake aunawa ba. A auna daga ido zuwa haɓa a ninka biyu, tunda ido yana kusan tsakiyar kai. A ce an samu fiksel 200, wato ɗigogin da hoto ya ƙunsa. To kafaɗu za su kai wajen 400, 200 dama da 200 hagu daga ramin wuya. Rigar kuwa tana iya cin 700 a faɗi, kuma naɗin da ke kafaɗa ya ɗaga ta sama da inda ƙashi yake. Sai ya sa ɗigo a kowace kafaɗa, ya ja layi zuwa wuyan hannun da ake gani, ya sa gwiwar hannu a tsakiya. Wannan zanen ƙashi shi zai yi masa jagora har ƙarshen aiki.

Daga nan sai lissafin sarari. Tela yakan bar wa kwat kimanin santimita 10 a zagayen ƙirji. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba duka goman a faɗin hoto. Ƙarin santimita 10 a zagaye ba ya wuce santimita 3 da ɗoriya idan ana kallo daga gaba. Tunda kan babba wajen santimita 23 ne, kowace santimita a hotonmu kusan fiksel 9 ce, ke nan kwat ɗin zai zarce ƙirji da wajen fiksel 28, wato 14 a kowane gefe. Da Warp ko Puppet Warp ake lanƙwasa hoton kwat ɗin har ya hau ɗigogin. Yadin ake ja ya bi mutum. Da zarar an fara matse mutum da Liquify don ya shiga riga, to an bar hanya.

Saura abin da babbar riga ta rufe. Bango, labule, ƙafar kujera, duk sai an dawo da su a wurin da rigar ta bari, har da 'yar kafar da ke tsakanin hannu da haƙarƙari. Wannan kafa ita ke nuna wa ido inda jiki ya ƙare; idan aka toshe ta, mutum zai yi kama da randa. Hanya mafi tsabta ita ce a fara share rigar gaba ɗaya a cike baya da Clone Stamp ko Content-Aware Fill, sannan a ɗora kwat. Mai amfani da Generative Fill ma ya bi wannan jeri, domin idan aka zaɓi faɗin rigar duka aka ce a sa kwat, manhajar takan cika wurin da aka ba ta, sai ta ƙera ƙaton jiki daidai da faɗin rigar. A gyara baya tukuna, sannan a zaɓi wuri daidai da zanen ƙashin.

Daga mai kama jiki zuwa mai yalwa ya fi sauƙi, domin jikin a bayyane yake, kuma yadi zai rufe baya ne kawai. Amma nan ma da tarko. Riga mai yalwa a kafaɗa take rataye, don haka a wuya da kafaɗa dole ta kwanta a kan layin jiki na ainihi, yalwar sai ƙasa da hammata. Idan mutumin yana da tumbi, nan ma yadi zai taɓa shi kafin ya zuba. Yadi kuma halinsa daban-daban ne: shadda mai sitaci tana tsayawa nesa da jiki da karaya mai kaifi, yadi mai laushi yana zubowa tsaye. Aikin aska na gaban riga a girmansa zai tsaya. Idan aka ja shi gefe don rigar ta yi faɗi, zanen zai baje, mai kallo ya ga ƙiba inda babu ita. Tsayi ma kada a taɓa: ƙafa tana nan inda take a ƙasa, duk tsawon rigar.

Kafin a miƙa aiki, a rage Opacity na sabon hoton zuwa 50% a kan na asali. Ido, haɓa, ramin wuya, wuyan hannu da ƙafa dole su hau juna ba gocewa. A duba ƙofa, tagogi da layin tayil na baya. Idan sun lanƙwashe kusa da ƙugu, an matse jiki. A duba hannu: idan ya yi ƙanƙanta ga ƙirjin, ƙirjin ne ya kumbura. A kuma tabbatar akwai 'yar inuwa a ƙarƙashin haɓa da bakin kwala, in ba haka ba kai zai zama kamar manna shi aka yi.

Wannan lissafi yana da iyaka. Babbar riga ko dogon hijabi suna ɓoye ƙugu da ciki ta yadda awo ba zai ba da komai ba sai kintace. Maganin shi ne mai gyara ya nemi wani hoton mutumin cikin riga madaidaiciya, ya ɗauki awon kafaɗa da ƙugu daga can, kuma kada ya sa wa kowa kayan da suka fi nasa kama jiki sai da yardar mai hoton. Idan babu hoto na biyu, gara a zaɓi kaftani ko kwat mai ɗan sarari, domin gwargwadon yadda sabuwar riga ta matse, gwargwadon yawan jikin da mai gyara zai ƙirƙira da kansa, kuma duk abin da ya ƙirƙira, mai hoton ne zai amsa sunansa a idon jama'a.