Katin Aski: Hatimi Tara, Na Goma Kyauta

Gyara tsohuwar al'ada ce a kasuwa. In ka sayi kwano biyar na gero, mai awo ya kan ƙara maka ɗan hannu don ka sake dawowa. Wasu shagunan aski sun mayar da wannan al'ada kan takarda. Ɗan kati ne da ke shiga aljihu, an zana masa gida goma, a samansa kuma an rubuta wani abu kamar haka: “Duk askin da ka biya, a buga maka hatimi ɗaya. Ka tara tara, aski na goma kyauta ne. Ka zo da katinka.”

Hatimin ba ya hawa sai kuɗi ya shiga hannu. An gama aski, ka biya, ka miƙa kati, mai shago ya buga a gida ɗaya. Mai wayo ya kan ƙara kwanan wata da sa hannu a gefe, domin hatimin roba ba shi da wuyar kwaikwayo. Ranar da gida tara suka cika, kafin ka hau kujera za ka nuna katin, ba bayan an karkaɗe maka gashi ba. A karɓe shi, a yi maka aski, a ba ka sabo.

A ce aski naira 1,000 ne. Ka biya 9,000 ka yi aski goma, kowanne ya tashi a 900 ke nan, ragin kashi goma cikin ɗari. Ba wata garaɓasa ba ce, amma ga magidanci mai 'ya'ya maza uku, in shagon ya yarda a buga wa kowane kai hatimi a kati ɗaya, zuwansu biyu da shi kansa ya ba su takwas.

Inda ake samun saɓani shi ne abin da rubutun ya yi shiru a kai. Gyaran gemu kaɗai yana jawo hatimi, ko sai an taɓa kai? Kyautar tana aiki ranar jajibirin sallah, lokacin da ake layi har tsakar dare? In kati ya ɓata, ko ya bi wanki a aljihun riga, akwai littafin da za a duba? Mai shagon da bai rubuta waɗannan ba, rigima ya saya wa yaransa.

Wa'adi ya fi duka muhimmanci. Mai yin aski duk bayan mako biyu sai ya yi mako 18 kafin ya kai aski na goma, wato sama da wata huɗu. Katin da aka ce yana mutuwa bayan wata uku ba zai taɓa cika a hannunsa ba. Don haka kafin ka jefa kati a aljihu, juya bayansa ka duba wa'adin, in babu ka tambaya.