Kalma ɗaya a jarrabawar dokar kwangila

Masu tsara jarrabawar shari'a suna son ba ɗalibi ɗan gajeren labarin ciniki, su biyo shi da amsoshi huɗu, ya zaɓi ɗaya. Tarkon yakan ɓoye ne a cikin kalma guda.

Ga misali. Wani ya yi wa abokinsa tayin babur a naira dubu 500. Abokin ya ce, "Zan saya a dubu 450." Mai babur ya ƙi. Washegari abokin ya dawo da dubu 500 cif. Shin akwai kwangila? Babu. Da ya kawo nasa farashin, ya kashe tayin farko, don haka ba abin da ya rage da zai karɓa, sai dai in mai babur ya sake sallamawa. Haka wata kotun Ingila ta yanke a shari'ar Hyde da Wrench a 1840.

To, a cire "zan" a sa "ko": "Ko za ka rage zuwa dubu 450?" Wannan tambaya ce kawai, ba sabon tayi ba. Tayin farko yana nan da ransa, kuma idan abokin ya karɓa kafin a janye shi, ciniki ya faɗa. Shari'ar Stevenson da McLean ta 1880 ita ta fayyace wannan bambanci.

Ɗalibai da yawa hankalinsu kan tafi kan kuɗin, alhali mai jarrabawa maganar da ta fito daga bakin mai saye yake aunawa. A labarin farko amsar ita ce babu kwangila, a na biyu kuwa akwai.