Takardarka tana cikin kwamfuta, sunanta ne babu

A wani shagon kwamfuta a Malam Madori, wani dattijo ya zo a sake buga masa jerin sunayen manoman ƙungiyarsu, wanda aka rubuta masa lokacin ambaliyar 2022. Mai shagon ya tabbata bai goge ba. Sai ya shiga buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya: Document1, Doc1, list, list new, list final, ga New folder (2) cike da wasu irinsu. Wuta ta ɗauke, batir ya fara ja baya, mutane na jira a benci. Daga ƙarshe ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku kawo na hannu a sake bugawa." Haka aka sake aikin da yake nan kwance cikin na'urar.

Wannan sakaci ne, kuma ya yi yawa a shagunanmu da ofisoshinmu. Mutum zai ɓata awa guda yana tsara takarda, amma ya ga ƙyashin daƙiƙa goma na raɗa mata suna.

Da an sa wa jerin nan suna kamar haka, da magana ta ƙare:

```
2022-09-20 Malam Madori jerin manoma ambaliya v2.docx
```

Shekara a gaba, sai wata, sai rana, kowanne da sifilinsa. Idan aka jera fayiloli bisa suna, da kansu za su bi tsarin lokaci. Wanda ya fara da rana kuwa, takardun 20 ga Satumba da na 20 ga Janairu za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Kada a dogara da Date modified, domin ranar da yaron shago ya buɗe takardar ya gyara waƙafi ɗaya ya adana, kwanan ya canza. Lambar v2 kuma ita ce maganin "final" da ke haifar "final final".

Inda aka fi yin ɓarna shi ne rubutun sunaye. Yau a rubuta Malam Madori, gobe Mallam Madori, jibi MMR. Muhammad ya zama Mohammed, ya koma Muhd. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne. Harufan da aka ba ta take nema. A zaɓi rubutu ɗaya, a manna shi a bangon shago, kowa ya bi. A kuma raba kalmomi, domin binciken Windows farkon kalma yake kamawa: wanda ya haɗe MalamMadori, in ya nemi Madori kaɗai zai iya tashi a tutar babu, sai ya rubuta `*madori`. M/Madori da muka saba a ambulan ba zai shiga ba ma, don Windows ba ya karɓar alamar / a sunan fayil. Ni ina ganin gara a bar haruffa masu lanƙwasa a cikin takarda, a rubuta Hadejia a sunan, saboda ba kowane allon rubutu ne yake da ɗ ba.

Sauran rabin aikin na kwamfutar ne. Windows yana ajiye fihirisa, wato jerin sunayen fayiloli da kalmomin cikinsu, daga nan yake ba da amsa nan take. Amma yadda ya zo, wuraren mai amfani irin su Documents da Desktop yake kula da su. Masu shago kuwa sun saba tara aiki a D: don gudun asara ranar da za a sake wa na'ura Windows, sai bincike ya riƙa jan ƙafa. A buɗe Control Panel, a shiga Indexing Options, a danna Modify, a sa alama a D: ɗin. A bar na'urar a jone da wuta ta gama, domin aikin yana raguwa a kan batir ko lokacin da ake amfani da ita. Idan ta nuna Indexing complete, an gama. In fayil yana nan ƙuru-ƙuru amma bincike ya ce babu, a shiga Advanced a danna Rebuild, a ba shi sa'o'i.

Da an yi haka, ko da sunan banza mai shagon zai samo jerin, ta hanyar rubuta sunan manomi ɗaya da ke ciki, tunda takardar Word ce. Amma wannan sauƙi bai kai ga hoto ba. Sakamakon NECO ko katin NIN da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp yana zuwa da suna irin IMG-20220920-WA0003.jpg, kuma fihirisar da aka saba ba ta karanta rubutun da ke jikinsa. Irin wannan, a danna F2 a canza masa suna tun mai shi yana tsaye a gabanka, kafin ka karɓi kuɗinsa.