Akwati Ya Ce Asara, Littafi Ya Ce Riba

A daren 31 ga Janairu, wani mai shagon kayan masarufi a wata unguwa cikin Kano ya zauna da akwatin kuɗinsa da wayarsa. Ya ƙirga abin da ke akwati, ya duba abin da ke banki, sai ya ga kuɗinsa sun gaza na farkon wata da naira 100,000. Wata guda cur yana buɗe shago tun hantsi, ciniki bai tsaya ba, amma ga shi kamar an yi baya. Shin faɗuwa ya yi? Shagon misali ne kawai, alƙaluman ma mun zagaye su don sauƙi, amma duk mai awo ko mai kanti ya san irin wannan dare.

Amsar ta danganta da irin lissafin da aka bi, domin hanyoyi biyu ne. Ta farko akantoci na ce mata kash, wato lissafin kuɗi a hannu: ba a rubuta ciniki sai kuɗi sun shigo, ba a rubuta ɗawainiya sai kuɗi sun fita. Ta biyu suna ce mata akuruwal. A nan ana rubuta ciniki ranar da kaya suka bar shago, ko an biya ko ba a biya ba, ana kuma ɗora wa kowane wata ɗawainiyar da shi ya ci, ko yaushe ne aka biya kuɗinta.

Bari mu fara da ta farko, tunda ita ce mai shagon ya bi ba tare da ya san sunanta ba. Masu saye sun biya shi naira 1,200,000, wasu hannu da hannu, wasu ta taransifa. Waɗanda suka ci bashi tun Disamba sun kawo naira 100,000. Abin da ya shigo ke nan naira 1,300,000. A ɓangaren fita, ya ba dilansa na kasuwar Singa naira 1,000,000, ya biya hayar shago ta shekara naira 360,000, ya ba yaron shago albashinsa naira 40,000. Jimla naira 1,400,000. Ga giɓin naira 100,000 nan ƙiri-ƙiri, kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Sai dai tambayar da ya amsa ita ce nawa ya rage a hannu, ba nawa aka samu ba.

Yanzu a ɗauko littafin bashi, wannan mai bango baƙi da ke ƙarƙashin kanta. A cikin Janairu an fitar da kayan naira 300,000 bashi: ga mai abincin da ke ɗaukar shinkafa da man gyaɗa, ga malaman makaranta masu jiran albashi. Kaya sun fita, saboda haka a hanya ta biyu wannan ciniki ne na Janairu, jimlar ciniki ta zama naira 1,500,000. Ita kuwa naira 100,000 ta masu bashin Disamba ba za ta shiga ba, don an riga an ƙirga ta a watan da aka ɗauki kayan. Wanda ya sake ƙirga ta ya sayar da buhu ɗaya sau biyu.

Wurin da ya fi ruɗa mutane shi ne sari. Kayan da ya ɗauko daga Singa na naira 1,400,000 ne, miliyan ɗaya ya biya, dila na bin sa naira 400,000. Amma ba abin da ya biya ake cirewa daga ciniki ba, ba kuma abin da ya saro ba. Ana cire kuɗin kayan da suka fita ne kaɗai, domin katan ɗin taliyar da ke kan kanta har yanzu dukiyarsa ce, kuɗi ne suka sauya kama. Hanyar sanin wannan ita ce ƙirga kaya, a farashin sari, ba farashin sayarwa ba. Ya shiga wata da kayan naira 800,000, ya ƙara na 1,400,000, ƙarshen wata ya ƙirga ya tarar da na 950,000. Ke nan kayan naira 1,250,000 ne suka fita. A cire daga ciniki, saura naira 250,000.

Haya fa? Naira 360,000 ta wata goma sha biyu ce, don haka rabon Janairu naira 30,000 ne kacal. Ɗora wa wata ɗaya nauyin shekara zalunci ne ga watan. Albashin yaro na nan yadda yake. Akwai kuma takardar kuɗin wuta ta naira 10,000 da ba a biya ba tukuna. Wutar dai an sha ta a Janairu, to Janairu ne zai ɗauka. Ɗawainiya ta kama naira 80,000, riba ta tsaya a naira 170,000.

Shago ɗaya, wata ɗaya, nan asarar dubu ɗari, can ribar dubu ɗari da saba'in. To ina ribar take? Wani ɓangare na hannun masu bashi, wani ya zama ƙarin kaya a kanta, wani kuma na wurin mai gidan haya a matsayin watanni goma sha ɗaya da aka riga aka biya. Ba don dila ya ɗaga masa ƙafa ba, da giɓin akwati ya kai naira 500,000.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. A fiƙihun Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, idan shekara ta zagayo, yakan yi wa hajarsa ƙima, ya haɗa da bashin da yake sa ran za a biya shi, sannan ya fitar da zakka. Ba akwati kaɗai ake dubawa ba. Gwamnatin tarayyar Najeriya ma ta tsayar da Janairun 2016 a matsayin lokacin komawa wannan hanya ta biyu a lissafinta.

A ganina, haɗarin lissafin kuɗi a hannu ba a Janairu yake ba, a Fabrairu yake. Babu haya, malamai sun karɓi albashi sun biya, akwati ya cika. Mutum ya ga kuɗi ya ɗauka riba ce, ya yi ɗinki, ya ƙara cefane, alhali naira 400,000 daga ciki ta dila ce. Haka ake cin uwar kuɗi ba a sani ba, kuma alamarsa ita ce kanta na ramewa alhali ciniki bai ragu ba. Af, kuɗin cefanen da ake zara daga akwati ba ɗawainiyar shago ba ne. A rubuta shi daban, a matsayin abin da mai shago ya ɗiba.

Hanya ta biyu ma tana da nata ramin. Bashi hanji ne, amma ba kowane ake biya ba. Idan mai abincin nan ta tashi daga unguwa da naira 50,000 a kanta, dole a soke kuɗin daga littafi, ribar ta dawo naira 120,000. Wanda ya bar mataccen bashi a littafi yana yaudarar kansa ne. Sannan riba ta takarda ba ta biyan dila. In ya turo yaro ranar da aka yi alkawari, kuɗi yake so.

Mai sayar da ƙosai ko mai shayi, wanda ke saye yau ya sayar yau, ƙirga kuɗin hannu ya ishe shi. Amma kai da kake ba da bashi, kake ɗaukar kaya bashi, kake biyan haya ta shekara, ci gaba da ƙirga akwatinka kullum, sannan ranar ƙarshen wata ka rubuta abu uku kafin ka rufe: kayan da suka rage, abin da kake bi, da abin da ake bin ka.