Dala da Zinare: Me Ya Sa In Ɗaya Ta Hau Ɗayan Yakan Sauka?

A farkon watan Maris na 2022, kwanaki kaɗan bayan sojojin Rasha sun kutsa Yukren, farashin zinare ya haura dala 2,000 kowace oza. Duniya na cikin zulumi, kayan masarufi na ta tsada, kowa ya zaci zinare zai ci gaba da tashi, tunda shi ne mafakar masu dukiya a lokacin tashin hankali. Amma kafin ƙarshen Oktoba ya sauko zuwa wajen dala 1,630. Yaƙin bai ƙare ba, tsadar ma ba ta lafa ba. Abin da ya canza shi ne ƙarfin dalar Amurka.

Farashin da ake ji a labarai, wanda ake tsayarwa sau biyu a rana a kasuwar Landan, da dala ake faɗinsa, kuma a kan oza ɗaya, wato giram 31.1. Saboda haka wannan adadi labarin abu biyu yake ɗauke da shi: darajar zinaren, da darajar kuɗin da aka auna shi da su. Idan aka ƙara wa mudu girma, buhun gero ɗaya zai ba da mudu kaɗan, alhali ko ƙwaya ba ta ragu ba. Haka dala take. Idan ta yi ƙarfi, kaɗan daga cikinta ya isa a sayi abin da jiya sai an ba da masu yawa.

Lissafin Japan na wannan shekara ya fito da abin fili. A Maris, dala ɗaya tana wajen yen 115, oza kuma wajen dala 2,050, wato kimanin yen 236,000. A Oktoba dala ta kai yen 150, oza ta sauka zuwa wajen dala 1,630, wato kimanin yen 245,000. Ba'amurke ya ga zinarensa ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa. Mutumin Tokyo kuwa ya ga nasa ya ɗan ƙaru. Zinare ɗaya ne, kuɗin awon ne suka bambanta.

Daga nan ne dalili na biyu yake tasowa. Mafi yawan masu sayen zinare ba da dala suke samun abin hannunsu ba. Indiya da Sin su ne manyan kasuwannin kayan ado na zinare a duniya. Magidancin da zai aurar da 'yarsa a Indiya da rufi yake biya. Idan dala ta hau a kan rufi, sarƙa da awarwaro sun yi masa tsada ko da farashin Landan bai motsa ba. Sai ya rage nauyin abin da zai saya, ko ya kai tsohon zinaren gida a narkar a sake ƙerawa. Masu shaguna su ma sai su rage sari. A ɗaya ɓangaren kuma, mai haƙa a Afirka ta Kudu ko Ostireliya yana biyan ma'aikata da kuɗin ƙasarsa, yana sayarwa da dala, don haka ko farashi ya ɗan sauka yana da riba, ba shi da dalilin riƙe kayansa. Masu saye sun ja baya, masu sayarwa suna nan, farashi sai ya yi ƙasa.

Dalili na uku ya fi waɗannan nauyi, domin shi ne yake motsa dala da zinare a lokaci guda. A farkon 2022 kuɗin ruwan da Babban Bankin Amurka ya ƙayyade kusan sifiri ne. Don ya daƙile hauhawar farashi, ya fara ƙara shi a Maris, har ya yi ƙarin kashi 0.75 cikin ɗari sau huɗu a jere tsakanin Yuni da Nuwamba. Kafin shekara ta ƙare ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Manyan masu zuba jari a Turai da Asiya suka yi ta sayar da kuɗaɗensu suna sayen dala, don su mallaki takardun bashin gwamnatin Amurka da yanzu suke biya da tsoka. Ma'aunin da ke gwada dala da manyan kuɗaɗe shida, ciki har da yuro da yen da fam, ya kai wajen 114 a ƙarshen Satumba, matsayin da ya yi shekara ashirin bai taka ba. Har yuro ya koma ƙasa da dala ɗaya.

Zinare kuwa ba ya haihuwa. Wanda ya ajiye kilo ɗaya shekara goma, kilo ɗaya zai tarar, kuma ya biya kuɗin ajiya da na tsaro. Lokacin da takardun bashi ba sa ba da komai, riƙe zinare ba asara ba ce. Amma idan dala miliyan ɗaya za ta iya kawo dala 40,000 a shekara, mai riƙe da zinaren miliyan ɗaya ya san abin da yake wuce shi. Shi ya sa manyan asusun zuba jari suka yi ta sauke zinarensu a waɗannan watanni.

Sai dai wannan alaƙa ba doka ba ce, dabi'a ce ta yawancin lokaci. Idan tsoro ya yi tsanani, mutane kan ruga wajen dala da zinare gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a makonnin farko na yaƙin Yukren. Akwai kuma masu sayen da kuɗin ruwa bai dame su ba. Manyan bankunan ƙasashe, irin na Sin da Turkiyya da Foland, sun sayi fiye da tan 1,000 a jimlace a 2022, suka maimaita a 2023 da 2024, don kada ajiyarsu ta dogara ga dala kaɗai. A 2024 dala ta ƙare shekara da ƙarfinta, amma zinare ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Hanyar gane bambancin ita ce a tambayi abin da ya ɗaga dalar. Idan ƙarin kuɗin ruwa ne, zinare yakan sha wuya. Idan fargaba ce, sukan hau tare.

Ga mai sayen gwal a Kano ko Kaduna, akwai wani mataki a lissafin, kuma rashin saninsa kan jawo wa mata da 'yan kasuwa hasara. A ce oza tana dala 2,000, dala kuma naira 1,000. Giram ɗaya na tsantsar zinare ya kama dala 64.3, wato naira 64,300. Sai dala ta yi ƙarfi, oza ta sauka zuwa 1,900, amma a wajen 'yan canji dala ta koma naira 1,200. Giram ya zama dala 61.1, wato naira 73,300. Rediyo ta ce zinare ya faɗi, mai shago ya ce ya hau, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Irin haka aka gani a zahiri bayan an saki naira a Yunin 2023, lokacin da canjin hukuma ya tashi daga wajen 460 har ya haura 1,500 a farkon 2024. A Nijar kuwa, sefa tana ɗaure da yuro, don haka canjin yuro da dala ne abin dubawa.

Kafin mutum ya sayi sarƙa ko ya sayar, ya raba farashin oza da 31.1, ya ninka da canjin ranar, sannan ya ɗauki kashi 87.5 cikin ɗari idan mai lamba 21 ce, ko kashi 75 idan mai lamba 18 ce. Abin da ya hau a kan wannan shi ne kuɗin ƙira da ribar mai shago, kuma a nan ne ciniki yake da amfani.